Hausa ba ta da "filis": to a ina ladabin roƙo yake?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin Turanci ne a ƙaramar sakandare a wani ƙauye kusa da Ringim. Kullum ina koya wa ɗalibai cewa "filis" ta Turawa ita ce "don Allah". Sai wani mai bautar ƙasa da aka turo mana daga Kudu ya ce yaranmu ba su da ladabi, abu kawai suke cewa a ba su, wai Hausa ma ba ta da kalmar roƙo irin "biko" tasu. Da gaske ne akwai harsunan da ba su da ita? In haka ne, da me ake gane mai ladabi idan ya nemi abu a gajarce?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Baƙon naku ya faɗi gaskiya rabi. Hausa ba ta da kalma guda ɗaya, mara nauyi, wadda za a manna wa kowace buƙata daga neman allura har neman aure. Inyamurai suna da "biko" (mu kuwa in an ce biko, matar da ta yi yaji ake nufi za a je a dawo da ita), Yarbawa suna da "jowo", masu Turancin buroka suna da "abeg". Amma rashin kalmar ba rashin ladabi ba ne, kuma ba Hausa kaɗai ke haka ba.

A arewacin Turai, mutanen Danmak ba su da ita a maganar yau da kullum. Mai sayen shayi zai faɗi abin da yake so, ya rufe da "tak", wato na gode, tun kafin a miƙo masa. In abin ya fi haka girma sai ya yi doguwar jimla mai ma'anar "ka yi kirki ka yi min kaza". Mutanen Finlan su ma haka, sai dai su a cikin aikatau suke saka ladabin. "Anna" na nufin ba ni. "Annatko" na nufin za ka ba ni? "Antaisitko" kuwa kusan a ce da za ka ba ni? Wannan 'yar gaɓa "isi" da aka cusa a tsakiya ita ke yin aikin da Bature yake yi da kalmarsa. "Ko" ɗin da ke ƙarshe alamar tambaya ce a harshensu. Ta yi kama da "ko" tamu a sauti da aiki, amma dace ne kawai, harsunan biyu ba su haɗa dangi ba. Ita kanta "filis" ba kalma ɗaya aka haife ta ba, guntun jimla ne mai ma'anar "in ya yi maka daɗi", aka yi ta gutsure shi har ya koma haka.

Bari mu dawo gida, domin gyaran farko a allonka yake. "Don Allah" ta fi "filis" nauyi nesa ba kusa ba. Wanda ya ce don Allah ya sako sunan Ubangiji tsakaninsa da kai, kuma a hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito an ce wanda ya roƙe ku don Allah ku ba shi. Shi ya sa ƙin mai "don Allah" yake da wuya, shi ya sa kuma dattijo zai ji wani iri idan aka yi ta yayyafa ta a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Tana da matakai a sama da ita: don girman Allah, don Allah don Annabi, don darajar iyayenka. Duk magiya ce, ta wanda abu ya kai masa wuya. Abin sha'awa, da ta gajarce a bakin mutane ta koma "dalla", sai ta juye gaba ɗaya. "Dalla can", "dalla rufe mana baki": babu roƙo a nan ko ƙwaya, tsawa ce. Ko cikakkiyar ma, in aka faɗe ta da sauri da ƙarfi, "Don Allah, malam, matsa!", ƙosawa take nunawa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ba kalmar ce ke ɗauke da ladabin ba.

Inda Bature zai sa kalmarsa guda, Bahaushe yana raba aikin gida-gida. In tayin abinci ne ko wurin zama, "bismillah" ake cewa. In hanya ake nema, "gafara dai". In za a sa mutum jira ko a hana shi, "a yi haƙuri". In ƙaramin taimako ne, "ɗan". Ɗalibin da ya ce wa baƙo "don Allah ka zauna" ya fassara Turanci daidai amma ya yi Hausar da ba ta zauna ba, domin baƙon zai ji kamar tsayuwarsa ta dame ka.

Babban wurin da ladabin yake shi ne yadda ake kiran wanda ake nema a wurinsa a cikin jimlar. Ɗauki buƙata ɗaya, ruwan sha. "Kawo ruwa" umarni ne tsirara, babu wakilin suna, kuma mutum ɗaya tak ake iya faɗa wa shi. "Ka kawo ruwa" ko "ki kawo ruwa" ya ɗan sassauta, amma kaɗan ne, har yanzu aike ne. "Ku kawo ruwa" na mutane da yawa ne, ana kuma yi wa babba shi kaɗai don girmamawa. Sai "a kawo ruwa", inda ba a nuna kowa da baki ba. Wannan "a" ɗin ita ce babbar rigar kunyar Hausa. Da ita magidanci yake magana da cikin gida in yana zaure da baƙi, da ita ake cewa "a taimaka", "a duba mana", "a gaida gida", kuma 'yar'uwarta ce ke cikin "an tashi lafiya?" da ake gaida manya. Hikimar ita ce ba ka ɗora wa mutum aikin a kansa ba, ka ajiye shi a tsakiya ya ɗauka da kansa. Sama da wannan sai a mai da mutum kamar ba ya wurin, a kira shi da matsayinsa: "Ko Baba zai duba mana?", "Ko Malam zai ɗan jira?" A gidajen da ake kunya sosai, matar da ba ta faɗin sunan mijinta ko na ɗan farinta da wannan siga take rayuwa kullum.

A kan wannan gini ake ɗora ƙananan kalmomi, kuma kowace da aikinta. "Ɗan" tana ƙanƙanta abin da ake nema: ɗan matsa, ɗan miƙo min, ki ɗan riƙe min yaron. A gaban aikatau ba ta sauyawa ko mace ake wa magana, amma a gaban suna tana bin jinsi, ɗan gishiri, 'yar kuka. Matar da ta leƙa katanga ta ce "Maman Habu, ɗan sam min gishiri" ta gama ladabinta cif: ta kira ta da sunan girma, ta ƙanƙanta buƙatar, ta kuma zaɓi "sam", wanda ma'anarsa ba da kaɗan daga abin da kake da shi. "Ko" tana mai da umarni tambaya, wato tana barin ƙofar ƙi a buɗe: ko za ka ara min? "Da" tana ƙara nisa, ta mai da abin kamar fata: da za ka ara min, da na ji daɗi. "In da hali" da "in ba damuwa" suna miƙa wa mutum uzurin da zai fake da shi tun kafin ya nema. "Mana" kuwa wuƙa ce mai baki biyu. "Ci mana" ga baƙo lallashi ne, "yi sauri mana" ga wanda ya girme ka rashin kunya ne. Kada ɗalibai su ɗauke ta kalmar ladabi a kowane wuri.

Kada kuma a ɗauka umarni tsirara kullum kaushi ne. "Shigo", "zauna", "ƙara tuwo", "sauka lafiya" duk umarni ne, amma amfanin na wanda ake faɗa wa ne, don haka gajartar ita ce karamcin. Mai gidan da ya ce wa baƙo "ko za ka ɗan ci abinci?" da sanyin murya, ana iya zargin tayin bai kai zuci ba.

Batun murya yana da wani sirri da ya sa Hausa ta bambanta da Turanci. Hausa harshe ne mai karin sauti, hawa da saukar murya a kan gaɓa suna sauya ma'anar kalma. Kukan yaro da kukar miya a rubuce ɗaya suke, "kuka", amma na yaro sama-sama ne, ta miya sama-ƙasa. Baba mahaifi ƙasa-sama ne, Baba uwa ko gwaggo sama-ƙasa. Tunda karin yana da wannan aiki, Bahaushe ba shi da 'yancin lanƙwasa muryarsa a kan kalma yadda ya ga dama don ya nuna taushi kamar yadda Bature yake yi. Ƙari a kan haka, shi kansa umarni da karinsa yake zuwa: aikatau mai gaɓa biyu yana komawa ƙasa-sama. Faɗi "ya tashi" sannan ka faɗi "tashi!" ka saurara. A na farko murya ta faro sama ta sauka, a na biyu ta faro ƙasa ta hau. Haka "zauna" da "shigo" da "kawo". Idan aka sa "ka" a gaba, ita "ka" ɗin ce ke ɗaukar karin ƙasa, aikatau ya koma karinsa na asali. Kunnen Bahaushe yana jin wannan bambanci tun kafin ya yi tunanin ma'anar.

To da me ake tausasa murya ke nan? Da ƙarfi, da sauri, da tsawo. Mai roƙo yana rage ƙara, yana rage gudu, yana jan wasalin ƙarshe, yana ɗan dakatawa bayan ya kira suna: "Yaya..." sai ya jira a ce "na'am" kafin ya ci gaba. Wannan jiran na'am ɗin rabin ladabin ne, domin wanda ya kira suna ya zarce da buƙata a numfashi ɗaya aike ya yi. Mai umarni kuma yana datse ƙarshen kalma kamar an sare ta da lauje. Sai rausayar tambaya: a jimlar bayani muryar Bahaushe tana gangarowa a hankali daga farko zuwa ƙarshe, a tambaya kuwa gangaren yana raguwa, gaɓar ƙarshe mai karin sama ta ƙara ɗagawa. "Za ka ara min" da muryar bayani kusan hukunci ne. Da muryar tambaya roƙo ne. Kalmomin ba su sauya ba ko ɗaya.

Masana biyu, Penelope Brown da Stephen Levinson, sun yi nazarin wannan a Turanci da harshen Tamil na kudancin Indiya da Tseltal na ƙasar Meziko, aikin ya fara fitowa a 1978, aka sake buga shi littafi a 1987. Abin da suka fitar shi ne nauyin roƙo yana tashi da abu uku: nisan da ke tsakanin mutanen biyu, fifikon wanda ake roƙo a kan mai roƙo, da girman abin da ake nema. An yi musu raddi cewa sun auna duniya da mudun Turawa, kuma raddin yana da hujja, domin a wurinmu shekaru da surukuta da kunya suna da nauyin da lissafinsu bai cika kamawa ba. Duk da haka ma'aunin uku yana aiki in aka gwada shi a fadama.

A ce rani ne, Sani ya dasa tumatir a bakin kogi, injin ban ruwansa ya ƙi tashi, dashen kuma ba zai jure kwana biyu ba ruwa ba. Injuna uku ne a kusa: na ƙanensa Habu, na Garba abokinsa da suke iyaka, da na surukinsa.

Ga Habu zai ce: "Habu, kawo min injinka da yamma, nawa ya tsaya." Babu nisa, fifikon na Sani ne, don haka umarni tsirara da ɗan dalili sun wadatar. Da zai ce "don girman Allah, Habu, ko za ka taimaka min", Habu zai tsaya ya dube shi ya ce, "Yaya, lafiya? Wani abu na yi?" Ladabin da ya wuce kima tsakanin na kusa nisa yake ƙirƙira, ana jin sa kamar fushi ko gatse.

Ga Garba abin ya ɗan hau, domin injin ba fartanya ba ne, yana cin mai, yana lalacewa, kuma shi ma yana da nasa ban ruwan. Bayan sannu da aiki da ya ruwa, Sani zai ce: "Garba, in ka gama naka, ɗan ara min injin nan mana, awa biyu kawai. Man yana wurina." Dubi kayan da aka haɗa. "In ka gama naka" ta sa buƙatar Garba a gaba. "Ɗan" da "awa biyu" sun ƙanƙanta abin. "Ara" ta yi alkawarin mayarwa. Ambaton mai ya cire asara. "Mana" a nan ta zumunci ce, saboda tsarar juna ne. Babu "don Allah" ko ɗaya, kuma ba wanda zai ce Sani bai iya magana ba.

Ga suruki, duk ma'aunai ukun sun cika. Sani ba zai tare shi a gona ya ɗaga murya daga nesa ba. Zai same shi a ƙofar gida bayan la'asar, ya cire takalmi, ya durƙusa, a yi gaisuwa har ta ƙare, gida da iyali da gajiya da sanyi. Sai ya yi shiru kaɗan, ido a ƙasa, ya ce: "Baba, dama injin namu ne ya ɗan samu matsala, ga dashe bai kama ba. Na ce ko na wajen nan yana hutawa gobe." Ya tsaya nan. Bai ce ba ni ba, bai ce ara min ba, bai ma ce "naka" ba. Ya faɗi halin da yake ciki, ya yi tambaya a kan injin, ya bar wa dattijo girman yin tayi da kansa: "A'a, ai sai a turo yaro ya ɗauka." In kuma ba hali, dattijon zai ce "wallahi gobe su Isa za su ba albasa ruwa", ba wanda ya ce a'a, ba wanda aka ce wa a'a. Sau da yawa ma Sani ba zai je da kansa ba, zai tura ƙanensa ko ya bi ta wajen wani babba, saboda kunyar surukuta. "Dama" ɗin da ya buɗe da ita tana sanar da cewa gaisuwa ta ƙare, ga abin da ya kawo shi. Hausawa sun san wannan tsari sarai, har suka yi masa suna, gaisuwa da roƙon iri.

Ana gane an yi kuskure daga amsar da ta dawo. In ka yi ƙasa da abin da ya kamata, za ka ji "to" guda ɗaya busasshiya, ko "ajiya ka ba ni?", ko "aikena kake yi?", ko a juya ga na kusa a ce "ɗan wane gida ne wannan?" In ka wuce gona da iri, za ka ji "yau kuma ni ake wa don Allah?" ko a fara tunanin bashi za ka nema. Akwai kuma inda lissafin yake kifewa da gangan, wato tsakanin abokan wasa. Jika zai ce wa kakarsa "ke tsohuwa, ba ni goro", taubasai su yi ta umartar juna, Bafillace da Babarbare ko Bakano da Bazazzagi su yi ciniki da gatse. Baƙon da bai san dangantakar ba zai rantse rashin tarbiyya ne. Daga sama zuwa ƙasa ma akwai tausasawa, sai dai addu'a ce kayan aikinta: "Zo, 'yar albarka, ɗebo min ruwa, Allah ya yi miki albarka."

Yanzu ga abin da ke faruwa da ɗalibanka. Yarinya ta zo gaban malamin nan, ta ɗan rusuna, ta sunkuyar da kai, ta rage murya, ta miƙa hannun dama, sannan ta ɗauki "a ba ni alli" ta juya ta kalma-kalma zuwa Turanci. Turanci ba shi da "a" ɗin nan tamu, ba ya bambanta "ka" da "ku", don haka abin da ya fito shi ne "gib mi" tsirara. Duk ladabin da ta zo da shi yana jikinta da muryarta, shi kuma a kalma yake jiran sa. Kawar da ido da ta yi don girmamawa, mai yiwuwa ma ya ƙara masa zargi. Shi ma in ya fara koyon Hausa zai faɗa kishiyar ramin: zai ce wa mai shago dattijo "don Allah ba ni sabulu" ba sallama ba gaisuwa, yana ganin ya biya kuɗin ladabi, dattijon kuwa abin da ya ji shi ne yaro ya tsallake gaisuwa ya yi masa umarni.

A aji, maimakon daidaita kalma da kalma, rubuta buƙata ɗaya a allo, a ce aron biro, ka ja layi uku: aboki, ɗan ajin gaba, shugaban makaranta. Ɗalibai su fara faɗin yadda za su nema da Hausa, za su ba ka "ba ni biro", "ɗan ara min biro", "Malam, ko zan samu aron biro" ba tare da an koya musu ba. Sannan ka nuna musu cewa Turanci ma tsani gare shi, cewa "ko za ka" ita ce ke daidai da tambayar da ke farawa da "kan yu", "da za ka" kuma da "kud yu", sai "filis" ta hau kan kowannensu, kuma a Turanci ba ta da tsada, ana sa ta ko ga ƙane. Minti 15 sun isa zagaye ɗaya, a sauya buƙatar a mako na gaba.

Ka haɗa musu da saƙon waya, domin a nan ne Hausa take rasa rabin kayanta. Rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. "Ka turo kuɗin" a rubuce tana iya zama umarni, da gajeriyar "ka" mai karin ƙasa, tana iya zama labari ko tambaya cewa an riga an turo, da doguwar "ka" mai karin sama. Ga mace babu wannan ruɗani, tunda "ki turo" daban, "kin turo" daban. Babu murya, babu rusunawa, babu jiran na'am, shi ya sa saƙon da aka rubuta da zuciya ɗaya yake isa kamar tsawa. A rubuce dole kalmomi su ɗauki abin da murya take ɗauka: sallama a farko, sunan girma, "ko" ko "ɗan", alamar tambaya, kuma a nan "don Allah" tana da gurbin da ba ta da shi a baki. "Salam Yaya, an wuni lafiya? Don Allah ko za a ɗan turo kuɗin takin nan kafin ranar kasuwa?"